Kafin ka hau motar Abuja, ka san sunan wa za a buga a saman takardar

Assalamu alaikum. Ni akanta ne a wani kamfanin sayar da kayan masarufi a Kano, shekarata huɗu a wurin, albashina naira 200,000 a wata, ana kuma zuba mini fansho. Makon jiya wata mata daga wani kamfanin samo ma'aikata ta kira ni, ta ce akwai gurbin akanta a wani babban kamfani a Abuja, albashi naira 300,000, ta kuma sa mini ranar intabiyu Alhamis mai zuwa. A tallan da ta turo mini "Full-time" kawai aka rubuta, babu inda aka ce aikin na dindindin ne, ko na kwantiragi, ko na wucin gadi. Ina so in tambaye ta, amma ina tsoron kada ta ga na cika zaƙewa tun ba a ba ni aikin ba, ta cire sunana. Wani abokina ya ce in yi shiru sai na ci intabiyu tukuna. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Yaya zan yi?

Wani mai karatu daga Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaye ta, kuma ka tambaye ta a rubuce tun yau, kafin ka nemi izinin fashin aiki ko ka biya kuɗin mota. Abokinka yana nufinka da alheri, amma shawararsa ta ginu ne a kan zaton cewa wannan mata ita ce alƙalin da zai yanke maka hukunci, alhali kuwa ba haka lamarin yake ba. Ita dillaliya ce tsakaninka da kamfanin da ke neman ma'aikaci, kuma kamar kowane dillali, ladanta yana fitowa ne idan ciniki ya faɗa ya kuma zauna. Babu abin da ke ɓata wa irin waɗannan kamfanoni suna a wajen waɗanda suka ba su aiki kamar su kawo mutum, manyan ma'aikata su ɓata rabin yini suna yi masa tambayoyi, a zaɓe shi, a buga masa takarda, sa'an nan ya karanta ya ce shi bai san na wata shida ba ne, ya fasa. Saboda haka tambayarka ta yau taimakonta ka yi, domin ka rage mata yiwuwar jin wannan kunya. A shekarun da na yi ina zama a ɓangaren kula da ma'aikata ban taɓa ganin an ajiye takardun wani don ya nemi sanin irin aikin da ake kiransa a kai ba. Abin da na ga yana sa a yi sanyi da mutum shi ne ya buɗe baki da maganar alawus da kwanakin hutu tun bai san aikin ba, kuma wannan daban yake da abin da nake cewa ka yi.

Amma akwai inda nake so ka yi hattara, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zaɓi wasiƙarka a wannan makon. Idan ka kira ta ka ce, "Hajiya, aikin nan na dindindin ne?" mai yiwuwa ne ƙwarai ta ce maka e, kuma ba lallai ne ƙarya ta yi ba, amma kai ka ajiye waya da wata fahimta, ita ta ajiye da wata. Kalmar dindindin ta zama kalma mai santsi a kasuwar aiki ta Nijeriya. Wani yana nufin aiki ne na kullum daga safe zuwa yamma. Wani yana nufin kujerar ce ta dindindin, wato kamfani zai ci gaba da buƙatar akanta a kanta har abada, ko da kuwa wanda ke zaune a kai ana sabunta masa takarda ne duk shekara. Wani kuma yana nufin kai ma'aikacin dindindin ne, amma na kamfanin dillancin, ba na babban kamfanin da za ka riƙa shiga ƙofarsa kowace safiya ba. Kalmar da ka gani a tallan nan ma ta wannan sahu ce, domin awannin aiki kawai take faɗa. Mutum yana iya yin aikin cikakken lokaci, Litinin zuwa Juma'a, a kan yarjejeniyar wata uku. Don haka kada ka tambayi sunan aikin. Ka tambayi abubuwa biyu da ba su da fassara biyu: sunan wane kamfani ne zai kasance a saman takardar ɗaukar aikin, kuma shin akwai ranar ƙarewa a cikinta ko babu.

Bari in fara da ta farko, domin ita ce mutane suka fi mantawa. Wata ƙanwar matata ta yi kusan shekara uku tana zaune a kanta a wani banki, tana ƙirga kuɗi, tana sanye da kalar bankin, kowa a unguwa yana kiranta ma'aikaciyar banki, ita ma haka ta ɗauki kanta. Ranar da ta buƙaci takardar shaidar wurin aiki don wata buƙata tata, ta hau bene wajen manajan reshe, sai ya ce mata cikin ladabi shi ba zai iya sa hannu ba, ta rubuta wa kamfaninsu na Legas. Ta dawo gida ta ɗauko takardar da ta sa wa hannu tun farko, wadda ta ninke ta ajiye a ƙasan akwati ba tare da ta karanta ta da kyau ba, muka shimfiɗa ta a kan tabarma muka duba tare. Tambarin da ke sama ba na bankin ba ne. Saƙon albashin da ke shigo mata a waya duk wata ma, da muka lura, da sunan wancan kamfanin yake zuwa. A nan ne ta gane dalilin da ya sa katin wuyanta ya bambanta da na wadda ke zaune a teburin kusa da ita, da dalilin da ya sa idan aka raba ribar ƙarshen shekara ba ta gani, da kuma dalilin da ya sa ƙarin girma bai taɓa zuwa kanta ba. Ba wanda ya yi mata ƙarya. Ita ce ba ta tambaya ba, su kuma ba su ga dalilin tsayawa yin bayani ba.

Wannan tsari na ɗaukar ma'aikata ta hannun wani kamfani ya yaɗu a bankuna da kamfanonin sadarwa da na mai da masana'antu, kuma halal ne a doka muddin kamfanin yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Abin da yake nufi a gare ka shi ne, wanda zai biya ka albashi, ya zuba maka fansho, ya ba ka hutu, ya kuma sallame ka idan ta kai ga haka, shi ne kamfanin da sunansa ke kan takarda. Idan babban kamfanin ya yanke hulɗa da su, ko ya ba wani kamfanin kwangilar a shekara mai zuwa, kujerarka tana iya tafiya ko da kuwa ba ka yi laifin komai ba. Kamfanonin samo ma'aikata iri biyu ne a aikace, kuma sau da yawa kamfani ɗaya yana yin duka biyun. A wani gurbin aikinsu shi ne su samo mutum su miƙa shi, a biya su ladansu sau ɗaya, daga nan babu ruwansu da shi. A wani gurbin kuma su ne za su ɗauke shi su tura shi aiki, su riƙa karɓar kuɗi daga babban kamfanin duk wata suna biyan sa daga ciki. Daga kiran waya ba za ka iya gane wanne ne naka ba, domin muryar ɗaya ce, gaisuwar ma ɗaya ce. Sai ka tambaya.

Ta biyun ita ce ranar ƙarewa. Takardar da ba ta da ranar ƙarewa ita ce abin da ya cancanci a kira aikin dindindin, ko da yake yawanci tana farawa da lokacin gwaji na wata uku ko shida, bayansa a ba ka takardar tabbatarwa. Takardar da ta ce daga ranar kaza zuwa ranar kaza kuwa kwantiragi ce mai wa'adi, kuma idan ranar ta zo aikin ya ƙare da kansa, ba a buƙatar a kore ka, ba a kuma buƙatar a ba ka dalili. Za a ce maka ana sabuntawa, kuma sau da yawa gaskiya ne ana yi, amma sabuntawa zaɓin kamfani ne, ba haƙƙinka ba ne. Waɗanda suka yi aiki da ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da Damaturu da Yola sun san wannan darasi da kyau, domin takardunsu kusan duka suna cewa ci gaban aiki ya dogara da samun kuɗi daga masu ba da tallafi, kuma da gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin agajin ƙasashen waje a farkon 2025, mutane da yawa da suka saba ganin sabuwar takarda duk shekara sun wayi gari babu ita. Na wucin gadi kuma shi ne wanda aka buɗe don toshe wani giɓi, kamar wata ta tafi hutun haihuwa, ko ana rufe lissafin ƙarshen shekara ana buƙatar ƙarin hannu na 'yan watanni. A fannin akanta irin wannan gurbi ba baƙon abu ba ne, musamman idan lokacin binciken littattafan kamfani ya gabato, shi ya sa tambayar ta fi zama dole a kanka.

Akwai wani nau'i da ya kamata ka sani don kada ya shige maka cikin rigar kwantiragi. Wani lokaci kamfani ba ya ɗaukar mutum a matsayin ma'aikaci ko kaɗan, sai ya rubuta shi a matsayin ɗan kwangila mai ba da shawara, ana biyan sa kuɗin aiki duk wata, ana cire harajin kwangila, babu fansho, babu inshorar lafiya, babu hutun shekara. Kuɗin irin wannan yakan fi girma a ido, domin duk abin da kamfani zai kashe a kan ma'aikaci an tattara an zuba a hannunka, an kuma bar maka ɗawainiyar. Idan ka ji albashi ya yi tsalle fiye da yadda ka san kasuwar aikinka take, wannan yana cikin abubuwan da za ka fara zargi.

Yanzu mu yi lissafi, tunda kai ma'abocin lissafi ne. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma a cire masa aƙalla kashi 8, kuma ta wajaba a kan kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Don sauƙi mu ɗauka ana lissafa naka a kan dukan albashinka, ko da yake wasu kamfanoni a kan tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri kawai suke yi. Ke nan kamfaninka na Kano yana zuba maka naira 20,000 duk wata daga aljihunsa, wato 240,000 a shekara, wadda ba ka ganinta a hannu amma taka ce. Idan aka haɗa da albashin shekara na naira miliyan 2 da dubu 400, abin da kake samu a shekara ya kama miliyan 2 da dubu 640. To, a ce na Abuja ya zama kwangilar wata shida ba fansho. Wata shida a kan 300,000 miliyan 1 da dubu 800 ne. Kafin ka kamo abin da kake samu a Kano cikin shekara ɗaya, sai ka yi kusan wata tara ana biyan ka ba fashi, kuma wannan tun ba a sa kuɗin haya ba, wanda ka san a Abuja na shekara guda ake nema gaba ɗaya, ga kuɗin dillalin gida, ga na sauya wa yara makaranta ko na riƙe gida biyu idan ka bar iyali a Kano. Mutumin da ya biya hayar shekara a kan takardar wata shida ya riga ya ci bashin wata shidan da ba a yi masa alkawarinsu ba. Idan kuwa amsar ta zo cewa babban kamfanin ne da kansa zai ɗauke ka, babu ranar ƙarewa, da fansho da inshorar lafiya, to shekararka ta zama miliyan 3 da dubu 600, ga 360,000 na fansho a kai, kuma maganar ta cancanci a zauna a auna ta da tsadar zaman Abuja. Ka ga adadi ɗaya ne aka faɗa maka a waya, amma ciniki biyu ne mabambanta ke ɓoye a bayansa, kuma tafiya intabiyu ba tare da ka san wanne ne ba cinikin biri a sama ne.

Wani zai ce ai doka tana kare ma'aikaci, ko yaya aka ɗauke shi. A nan ma ina so ka buɗe ido. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, ta kuma ƙayyade mafi ƙarancin sanarwar sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Ka lura da ƙanƙantar waɗannan kwanaki. Sa'an nan ma'anar ma'aikaci a cikin dokar ta karkata ne ga masu aikin hannu da ƙananan ma'aikatan ofis, ta ware masu aikin gudanarwa da ƙwararru, kuma akanta mai riƙe da littattafan kamfani yana iya faɗawa cikin waɗanda aka ware. Abin da hakan ke nufi shi ne, ga mutum irinka, takardar da ka sa wa hannu ita ce babbar garkuwarka. Idan rigima ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita za a fara buɗewa, ba abin da aka faɗa maka a waya ba. Ko aikin dindindin ɗin ma a kamfani mai zaman kansa ba irin na gwamnati ba ne, ana iya sallamar mutum da sanarwar da takarda ta tanada. Bambancinsa shi ne babu ranar da ke jiranka, shekarunka suna taruwa, kuma banki ko mai gidan haya yana yi maka kallon mai tsayayyen albashi.

To, yaya za ka yi tambayar? Ka rubuta ta ta hanyar da ta turo maka gayyatar, ko imel ko saƙon waya, domin amsar ta zauna a rubuce, ka iya komawa kanta ranar da takarda ta fito. Ka fara da godiya da tabbatar da sha'awarka, sa'an nan ka kawo dalilinka na gaskiya, wanda babu mai hankalin da zai ƙi shi. Ko da Turanci za ka rubuta, ma'anar ta kasance kamar haka: "Hajiya, na gode da wannan dama, kuma ina da sha'awar gurbin ƙwarai. Da yake ina kan aiki a halin yanzu, kuma zuwa Abuja zai buƙaci in nemi izini in yi tafiya, ina roƙon ki taimaka mini da bayani a kan abu uku kafin ranar Alhamis. Shin kamfanin da ke neman ma'aikacin ne zai ba da takardar ɗaukar aiki da sunansa, ko kamfaninku ne? Shin aikin yana da wa'adin ƙarewa, idan yana da shi wata nawa ne? Kuma shin akwai fansho da inshorar lafiya a cikin tsarin?" Ka tsaya a nan. Kada ka ƙara da neman gafara mai yawa, kada kuma ka ce idan ba na dindindin ba ne ba za ka zo ba, domin ba ka riga ka ji amsar ba, kuma babu amfanin rufe ƙofar da ba ka leƙa cikinta ba. Tambaya ta uku na sa ta ne da gangan, ba don kwaɗayin alawus ba, sai don ita ce ma'aunin biyun farko: wanda aka ɗauka a matsayin ɗan kwangila ba a zuba masa fansho, don haka amsarta takan tona abin da kalmomi suka lulluɓe.

Daga nan sai ka saurari yadda amsar za ta zo, domin salon amsa ma bayani ne. Idan ta ce kai tsaye kamfanin ne zai ɗauka, ba wa'adi, gwajin wata shida, to alhamdulillahi, ka shirya jakarka. Idan ta ce kwantiragin shekara ɗaya ne a ƙarƙashinsu, wannan ma amsa ce mai kyau, domin gaskiya ce, kuma yanzu zaɓi ya dawo hannunka. Idan ta ce ba ta da tabbas, bari ta tuntuɓi kamfanin, kada ka ɗauke shi da mugun nufi, domin sau da yawa wadda ke kiran waya ƙaramar ma'aikaciya ce da aka miƙa wa jerin sunaye; ka ba ta kwana ɗaya ko biyu, ka sake tuntuɓa ranar Talata, ka gaya mata kana so ka kammala shirin tafiya. Amsar da nake so ka yi taka-tsantsan da ita ita ce mai zagaye, irin su "ka dai zo, za a tattauna wannan a wurin intabiyu", ko "ai duk ɗaya ne", ko "ya danganta da ƙwazonka". Kamfani ba ya buɗe gurbi sai an amince da kasafinsa, kuma a cikin wannan amincewa an riga an rubuta ko kujerar tana cikin jerin ma'aikatan kamfani ko ta ɗan lokaci ce. Ke nan amsar tana nan a wani fayil tun kafin a kira ka. Wanda ya ƙi faɗa bayan an tambaye shi sau biyu, galibi ya san amsar ba za ta yi maka daɗi ba ne, yana so sai ka sha wahalar tafiya, ka ga ginin, ka ji sanyin ofis, zuciyarka ta kwanta a kan aikin, sa'an nan a faɗa maka lokacin da ja da baya ya yi nauyi.

Akwai kuma amsar da ta fi kowacce yaudarar zuciya, wato a ce maka za a fara da kwantiragi, idan ka yi ƙoƙari a mayar da kai na dindindin. Wannan yana faruwa da gaske a wasu wurare, ban ce ƙarya ba ne. Amma ka bi shi da tambayoyin da za su raba alkawari da fata: bayan wata nawa ake duba maganar, wa ke yanke hukuncin, za a rubuta wannan sharaɗi a cikin takarda, kuma daga cikin waɗanda kamfaninta ya kai wurin a shekaru biyun da suka wuce, mutum nawa aka mayar? Dillaliyar da ta daɗe tana hulɗa da kamfanin ta san amsar ta ƙarshe ko da ba ta duba takarda ba. Idan ta ce mutum uku cikin biyar, ka sami abin riƙewa. Idan ta yi dariya ta sauya magana, ka lissafa aikin a matsayin kwantiragi zalla, ka ɗauki maganar mayarwa a matsayin kyautar da idan ta zo an gode.

Ban ce kwantiragi abin gudu ne ga kowa ba. Da matashi ne ya rubuto mini, wanda ya gama hidimar ƙasa bara yana zaune a gida, da na ce masa ya tafi ko na wata uku ne, domin sunan babban kamfani a takardunsa da gogewar da zai samu sun fi zaman jira. Kai kuwa kana riƙe da reshe, kuma ba kai kaɗai ke rataye a jikinsa ba. A ganina, idan amsar ta zo cewa wa'adin bai kai shekara ba, ko babu fansho, ƙarin naira 100,000 bai isa ya biya haɗarin ba, kuma kana iya gode mata ka ce ta riƙe takardunka don gurbin dindindin idan ya samu, wanda hakan yakan sa ta tuna da kai a matsayin mutumin da ya san abin da yake nema. Idan shekara ɗaya ce ko biyu, kai tsaye da babban kamfanin, da fansho da inshora, to ka je intabiyun, ka kuma nemi a ƙara kuɗin, domin rashin tabbas ma abu ne da ake sa wa farashi. Ka kuma tambaye ta tun yanzu ko za a iya yin zagayen farko ta bidiyo, wanda ya zama ruwan dare tun bayan annobar korona, ko kuma za a mayar maka da kuɗin mota. Abu ɗaya da zan ƙara a gurguje shi ne, idan a kowane mataki aka ce ka turo kuɗin fom ko na rajista ko na horo kafin a gan ka, ka bar maganar gaba ɗaya, domin kamfanin da ke neman ma'aikaci shi ke biyan dillali, ba mai neman aiki ba.

Ranar intabiyun, idan ka je, ka sake tabbatar da maganar daga bakin mutanen kamfanin da kansu. A ƙarshe sukan tambaya ko kana da abin da kake son sani, sai ka ce an shaida maka gurbin kaza ne, a ƙarƙashin kamfani kaza, kana so ka tabbatar haka yake a wajensu. Idan abin da suka faɗa ya saɓa da abin da ke cikin saƙonta, ka ga amfanin rubutun da ka ajiye. Bayan haka, ko an kira ka an taya ka murna, kada ka miƙa takardar ajiye aiki a Kano sai takardar Abuja ta shigo hannunka ka karanta ta daga tambarin sama har wurin sa hannu, ka ga sunan kamfanin, ka nemi layin da ya yi maganar wa'adi, da na lokacin gwaji, da na kwanakin sanarwa. Ka kuma ɗauko takardarka ta yanzu ka duba sanarwar kwana nawa ka yi alkawarin bayarwa kafin barin aiki, domin idan wata ɗaya ce, dole ranar da za ka amince ka fara a Abuja ta kasance bayan cikar wannan watan, in ba haka ba za a nemi ka biya albashin wata guda a madadinta.